Yadda ake tsara takardar CV mai shafi ɗaya da ido zai bi cikin sauƙi

Wanda zai karanta takardarka ta neman aiki yakan kasance yana da tarin takardu irinta a gabansa, kuma a karon farko kallon wucewa yake yi mata, yana neman sunanka, da aikin da ka yi na ƙarshe, da wurin da ka yi shi, da shekarun da ka ɗauka a kai, da matakin karatunka. Idan ya same su nan take, sai ya dawo ya karanta sauran a natse. Idan kuwa sai ya yi lalube, takardar takan koma ƙasan tari. Duk abin da za a faɗa a nan game da haruffa da gefen takarda da tazara ya dogara ne a kan wannan kallo na farko.

Zan bi matakan ne da takardar wani ɗan yayana da ya gama hidimar ƙasa bayan ya karanta aikin akanta. An buga masa ita a shagon buga takardu, ta kai shafi ɗaya da kusan kashi ɗaya bisa uku na shafi na biyu. Da aka ce masa shafi ɗaya ake so, sai mai shagon ya rage girman haruffan zuwa lamba 9, ya matse gefe huɗu na takardar, rubutun ya shige shafi ɗaya a cunkushe kamar kayan da aka danna cikin buhu. Umarnin da zan kawo na manhajar Microsoft Word ne, amma akwai makamantansu a Google Docs da LibreOffice da WPS Office.

Fara da girman takarda da filin gefe

Kafin ka taɓa ko harafi ɗaya, duba girman takardar da fayil ɗin yake kai. A Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru takardar A4 ake amfani da ita, mai faɗin santimita 21 da tsawon santimita 29.7, amma kwamfutoci da yawa suna zuwa a saite kan takardar Amurka mai suna `Letter`, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan kuma ta gaza ta tsawo da kusan santimita 2. Takardar da aka tsara a kan `Letter` aka buga a kan A4 takan fito da fili mai yawa a ƙasa, ko kuma injin bugawa ya ƙanƙance ta don ta shiga. Shiga `Layout`, ka zaɓi `Size`, ka danna `A4`. Takardar ɗan yayana a kan `Letter` take, don haka wannan gyara kaɗai ya ba mu ƙarin layuka uku zuwa huɗu ba tare da mun goge komai ba.

Daga nan sai gefe. Word yana farawa da santimita 2.54 a kowane ɓangare, wato inci ɗaya, kuma yana da zaɓin `Narrow` mai santimita 1.27, wanda shi ne masu shago suka fi gudu zuwa gare shi idan rubutu ya yi yawa. Ni santimita 2 nake sakawa a dukkan gefe huɗu, ta hanyar `Margins` sannan `Custom Margins`. Dalilin da ya sa ba na sauka ƙasa da haka a hagu shi ne abin da ke faruwa da takarda bayan ta isa ofis. Na'urar huda takarda mai rami biyu tana huda ne a kusan milimita 12 daga baki, ramin kuma yana da faɗin kusan milimita 6, ke nan yana cin takarda har zuwa santimita ɗaya da rabi. Idan rubutunka ya fara a santimita 1.27, ramin zai cinye farkon wasu layuka da zarar an saka takardar a fayil. Haka kuma injin fotokwafi yakan ɗan karkatar da takarda, ya yanke abin da ya matso baki. Idan dole ta kama sai ka rage, ka rage sama da ƙasa zuwa santimita 1.5, ka bar hagu da dama yadda suke.

Zaɓen nau'in haruffa

Nau'i ɗaya ya wadatar wa shafin gaba ɗaya. Bambancin da ake buƙata tsakanin suna da kan sashe da sauran rubutu ana samar da shi ne ta girma da kauri, ba sai an kawo nau'i na biyu da na uku ba. Takardar da aka kawo mini tana da nau'i huɗu, saboda an kwafo wasu sassa daga takardar wani abokinsa, kowane sashe ya taho da nasa. Maganin wannan shi ne a danna `Ctrl+A` a zaɓi dukkan rubutun, a ɗora masa nau'i ɗaya da girma ɗaya, sannan a fara bambantawa daga farko.

Abin da ya fi muhimmanci wajen zaɓe shi ne a sami nau'in a kwamfutar wanda zai buɗe fayil ɗin. Calibri shi ne Word yake farawa da shi tun daga fitowar 2007, har zuwa lokacin da kamfanin ya maye gurbinsa da Aptos daga 2023. Wanda ya rubuta takardarsa da Aptos a sabuwar kwamfuta ya kai ta shagon da ke da tsohon Word, zai ga an canja masa haruffan da wasu daban masu wani faɗi, layukan su karye a wuraren da bai tsara ba. Arial da Times New Roman da Calibri su ne aka fi samu a kusan kowace kwamfuta mai Windows. Times New Roman an zana shi ne don jarida mai matsattsun gurabe, ya fara fitowa a 1932, shi ya sa haruffansa suke da siririn jiki. Yana da kyau a takarda mai kyakkyawan bugu, amma siraran layukansa su ne suke fara ɓacewa idan tawadar inji ta yi ƙasa ko an yi fotokwafi a kan fotokwafi. Don haka na fi son Calibri ko Arial ga takardar da za a duba a waya ko a sake kwafa.

Lambar girma ba ta nufin abu ɗaya a kowane nau'i, domin jikin ƙananan haruffa ya bambanta. Arial a lamba 10 yana kusan cika ido kamar Calibri a lamba 11, shi kuma Times New Roman sai ya kai 11.5 ko 12 kafin ya yi daidai da su. Ga abin da na saka wa ɗan yayana: Calibri lamba 11 ga dukkan rubutu, lamba 12 mai kauri ga kan kowane sashe, lamba 20 mai kauri ga sunansa. Girma uku ke nan, kuma ba a buƙatar na huɗu. Idan wuri ya ƙure ana iya sauka zuwa 10.5, amma ƙasa da 10 ya zama azaba ga mai karatu, musamman dattijon da sai ya nemo tabarau kafin ya duba.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman. Idan sunanka ko sunan garinku yana da ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ, kamar Ɗanbatta ko Ƙaura, ba kowane nau'in haruffa ne yake ɗauke da su ba. Idan babu, Word ba ya faɗa maka, sai kawai ya aro harafin daga wani nau'i, ka ga ɗ ɗaya ta fi 'yan'uwanta kauri ko tsawo a tsakiyar kalma, a wata na'urar kuma ta fito a matsayin ƙaramin akwati. Hanyar ganewa ita ce ka rubuta haruffan a cikin kalma, ka ƙara girman allo sosai, ka duba ko sun yi kama da maƙwabtansu. Nau'o'i irin su Noto Sans da Charis SIL suna ɗauke da su duka. Sai dai a sunanka, ka rubuta shi daidai yadda yake a takardun shaidarka, ko da a can babu ƙugiya, domin mai tantancewa zai gwada su da juna.

Lissafin layukan da shafin zai ɗauka

Wannan mataki shi ne mutane suke tsallakewa, shi ya sa suke ƙarewa da matse haruffa. Shafi ɗaya yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma ana iya lissafa ta. Idan aka cire santimita 2 a sama da 2 a ƙasa daga 29.7, saura 25.7. Ma'aunin da Word yake amfani da shi wajen girman haruffa da tazara shi ne `pt`, kuma guda 72 ne suke yin inci ɗaya, don haka santimita 25.7 sun kai kusan 728. Layi ɗaya na Calibri lamba 11 yana cin kusan 13.4, ke nan da za a cika shafin da rubutu zalla ba tazara, zai ɗauki layi 54. Amma suna da layin lambar waya za su ci kusan 45, kan sashe biyar da tazararsu za su ci kusan 155, tazarar da ke tsakanin aiki da aiki kuma ta ci kusan 36. Abin da ya rage bai wuce layi 36 ba.

Da muka ƙirga rubutun ɗan yayana, ban da suna da kan sashe, layi 58 muka samu. Babu wata dabarar haruffa da za ta shigar da 58 cikin gurbin 36 shafin ya kasance yana karantuwa, sai dai a yanke. Sashen bayanan kansa yana da layi tara, kowane abu a layinsa: jinsi, ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, ƙasa, addini, matsayin aure da sauransu. Mun mayar da shi layi biyu. Ban ce a cire jiha da ƙaramar hukuma gaba ɗaya ba, domin ma'aikatun gwamnati a Najeriya suna tambayarsu saboda tsarin rabon gurabe tsakanin jihohi, amma suna iya zama a layi ɗaya. Masu ba da shaida a kansa mutum uku ne, kowanne da layi huɗu, muka kwashe su zuwa wata takarda daban da zai miƙa idan an nema, muka bar layi ɗaya da ke nuna haka. Makarantar firamare da abubuwan sha'awa sun tafi da layi huɗu, tunda kamfani mai zaman kansa yake nema. Jimillar abin da aka cire layi 22 ne, sai ga mu a kan 36 cif. Babban rubutun da ke saman shafin yana sanar da cewa wannan takardar CV ce shi ma ya tafi, sunansa ya hau gurbin, domin duk wanda ya riƙe takardar ya san ko mece ce.

Tazara: a yi ta da saiti, a bar danna maɓalli

Danna `Ctrl+Shift+8` domin ka ga alamomin da suke ɓoye. A takardar da aka buga a shago yawanci za ka tarar da jerin ɗigo-ɗigo masu yawa inda aka yi ta danna maɓallin tazara don a tura shekara zuwa dama, da kuma layuka fanko inda aka danna `Enter` sau biyu ko uku. Irin wannan tsari yana tsayawa ne a kwamfutar da aka yi shi kawai. Da zarar nau'in haruffa ya canja, faɗin kowace tazara ya canja, shekarun su watse, wata ta faɗo layi na gaba. Goge su duka tukuna.

Bayan haka zaɓi dukkan rubutun, ka buɗe akwatin `Paragraph`, ka saka `Line spacing` a kan `Single`, ka mayar da `Before` da `After` sifili. Word yana zuwa da tazarar layi da ta ɗan fi `Single` da `8 pt` bayan kowane sakin layi, wanda ya dace da wasiƙa amma yana cinye shafin CV a banza. Daga sifili sai ka fara ba da tazara inda take da aiki. Ƙa'idar ita ce abubuwan da suke tare su matso juna, waɗanda suka bambanta su nisanta, kuma girman tazarar ya nuna girman bambancin. Kan sashe ya sami `12 pt` a samansa da `4 pt` a ƙasansa, domin ya manne da abin da yake gabatarwa. Layin farko na kowane aiki ya sami `6 pt` a samansa. Layukan bayanin aiki guda kuwa ba su buƙatar komai a tsakaninsu, ko `2 pt` idan akwai wuri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar tazara iri ɗaya sama da ƙasan kan sashe, sai ya zama yana reto a tsakiya, ido bai san ko na sama ne ko na ƙasa ba.

Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da daidaito ita ce ka gyara kan sashe guda ɗaya yadda kake so, sannan ka danna dama a kan `Heading 2` a cikin `Styles`, ka zaɓi `Update Heading 2 to Match Selection`, ka ɗora wannan salo a kan sauran. Daga nan duk gyaran da ka yi wa salon zai shafe su baki ɗaya. Idan kana son siririn layi a ƙarƙashin kan sashe, yi amfani da `Bottom Border` da ke cikin `Borders`. Layin da aka zana da hannu daga `Shapes` yakan tsaya a wurinsa yayin da rubutun ya gusa, har ya ratsa ta tsakiyar kalmomi.

Shekaru kuma a jera su a gefen dama da madogara guda. Faɗin rubutunmu santimita 17 ne, wato 21 aka cire 2 da 2. A cikin akwatin `Paragraph` danna `Tabs`, ka rubuta `17 cm`, ka zaɓi `Right`, ka danna `Set`. Yanzu idan ka rubuta sunan muƙami da wurin aiki ka danna maɓallin `Tab` sau ɗaya, shekarar za ta tafi ta jingina da gefen dama, kuma dukkan shekarun za su sauka a kan layi ɗaya daga sama har ƙasa. Mai dubawa zai iya bin su da ido ya ga tarihinka a jere. Ka kuma rubuta su da salo ɗaya, kada wata ta zo da wata da shekara, wata kuma da shekara kaɗai.

Abin da za a ƙarfafa da abin da za a bari

Rubutu mai kauri yana aiki ne idan ya yi ƙaranci. A bar shi ga suna, da kan sashe, da sunan muƙami ko digiri. Idan rabin shafin ya yi kauri, babu abin da zai fito fili. Jan layi a ƙarƙashin kalma a daina shi, domin yana yanke wutsiyar haruffa irin su g da y, a allo kuma yana kama da adireshin intanet da ake dannawa. Manyan baƙaƙe zalla sun dace da gajeren kan sashe kawai. Duk rubutun a jingina shi hagu da `Ctrl+L`. Mutane da yawa suna son `Justify` saboda yana daidaita gefe biyu kamar littafi, amma yana yin haka ne ta hanyar buɗe gibi tsakanin kalmomi, kuma a gajerun layuka gibin yakan yi faɗi har ya raba hankali.

Layi mai santimita 17 a Calibri lamba 11 yana ɗaukar haruffa wajen 90 zuwa 100, wanda ya fi abin da ido yake jin daɗin bi a dogon sakin layi. Saboda haka bayanin kowane aiki a yi shi da ɗigo uku ko huɗu, kowane ɗigo layi ɗaya, in ya yi yawa biyu. Ka lura da ɗigon da kalma ɗaya tal ta zubo layi na biyu, domin kalmar nan ta cinye layi guda daga cikin 36 ɗinka. Rage kalma biyu daga jimlar ya fi sauƙi a kan taɓa girman haruffa. Mun ceto layi biyu ta haka, muka mayar da su ga bayanin aikin da ya yi a sashen kuɗi lokacin hidimar ƙasa, inda yake daidaita littafin kuɗi da takardar banki duk ƙarshen wata.

Game da launi, baƙi a kan fari ya isa, idan kuma ana son ƙari to shuɗi mai duhu ga suna da kan sashe kawai. Samfuran da ake saukewa daga intanet masu faffaɗan gurbi mai duhu a hagu da farin rubutu a kai suna da kyau a allo, amma a injin baƙi da fari gurbin yakan fito da dabbare-dabbare, rubutu mai ruwan toka kuma ya dushe. Sandunan da suke nuna wai ƙwarewarka a Excel ta kai huɗu cikin biyar ba su gaya wa kowa komai, gara ka rubuta abin da ka iya yi da shi. Raba shafi gida biyu da saka rubutu cikin akwati ko jadawali suna da wata illar: manyan kamfanoni da ƙungiyoyi da yawa suna karɓar takarda ta shafin intanet, inda manhaja take zare rubutun, kuma wasu daga cikin manhajojin suna cakuɗa gida biyun ko su tsallake abin da ke cikin `Header`, wato gurbin da ke can saman shafi. Lambar waya da adireshin imel su zauna a jikin shafin, ƙarƙashin suna. Hoton fasfo kuma sai idan sanarwar aikin ta nema.

Gwaji kafin a tura

Ajiye takardar a matsayin PDF ta `Save As`, domin PDF yakan tafi da haruffansa a ciki, tsarin ba ya sauyawa daga na'ura zuwa na'ura. Kada ka buga ta a takarda sannan ka ɗauki hotonta da waya ka mayar PDF, domin wannan hoto ne kawai, babu rubutun da manhaja za ta zara. Buɗe fayil ɗin, ka danna `Ctrl+A` da `Ctrl+C`, ka liƙa a Notepad. Idan rubutun ya fito a jere, suna a farko, kowane aiki tare da shekarunsa, tsarin ya yi. Idan ya fito a hargitse, akwai akwati ko jadawali da ya rage.

Sannan ka buɗe ta a waya ka ga ko suna da kan sashe suna karantuwa ba tare da an buɗa allo da yatsu ba. Ka buga kwafi ɗaya a injin baƙi da fari, ka yi fotokwafinsa, ka riƙe shi a nisan hannu. Daga wannan nisa ya kamata ka ga sassa biyar a rarrabe da fili tsakaninsu tun kafin ka karanta kalma. Ni na miƙa wa maƙwabcina kwafin takardar ɗan yayana, na ƙirga goma na karɓe, na tambaye shi abin da yaron ya karanta da inda ya yi aiki na ƙarshe. Ya faɗi digirin daidai amma bai kama wurin aikin ba, sai muka gano cewa mun ƙarfafa sunan muƙami mun jefa sunan wurin a layi na biyu. Muka dawo da shi layi ɗaya da muƙamin, waƙafi ya raba su.

Abu na ƙarshe da za ka duba shi ne ƙasan shafin. Idan layinka na ƙarshe ya zauna daidai kan iyakar gefe, ƙaramin bambanci tsakanin Word ɗinka da na wanda ya nemi ka turo masa fayil ɗin Word zai iya tura shi shafi na biyu shi kaɗai, ko kuma wani `Enter` da ya rage a ƙarshe ya haifar da shafi fanko. Goge duk alamar sakin layi da ta biyo bayan kalmar ƙarshe, ka bar filin layi biyu a ƙasa ko da hakan zai sa ka cire ɗigo ɗaya, sannan ka duba ƙasan allo ta hagu ka tabbatar an rubuta `Page 1 of 1`.